Tikitin Jirgin Ƙasa A Birtaniya: Me Ya Sa Maƙwabcinka Ya Biya Rabin Abin Da Ka Biya?

A cikin jirgin ƙasa da ya tashi daga tashar Euston ta birnin Landan zuwa Manchester, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci, za ka tarar da mutum biyu zaune kafaɗa da kafaɗa, kujera iri ɗaya, tarago ɗaya, amma ɗayansu ya biya ninki uku ko huɗu na abin da ɗayan ya biya. Babu wanda aka cuta a ɓoye, babu kuma wanda ya san wani a ofis. Bambancin yana ga irin tikitin da kowanne ya saya da lokacin da ya saye shi. Ɗalibanmu da ke karatu a can, da iyayen da ke zuwa bikin yaye su, da masu zuwa ganin likita, sukan yi asarar kuɗi mai yawa a nan, domin sun saba da tsarin da kuɗin tafiya ɗaya ne ga kowa. Wanda ya saba hawa jirgin Abuja zuwa Kaduna ya san cewa kowane aji da kuɗinsa tsayayye. Fargabarsa kawai kada kujeru su ƙare. A Birtaniya da wuya a hana ka shiga jirgi. Abin da ke ƙarewa shi ne arha.

Tun daga 2008 aka taƙaita sunayen tikitin jirgin ƙasa a ƙasar zuwa manya guda uku, kuma da waɗannan sunaye za ka gan su a jikin na'ura ko a waya. Anytime shi ne mafi tsada, kana iya hawa kowane jirgi a kowane lokaci. Off-Peak ya fi shi sauƙi, amma ba a hawa da shi a lokutan cunkoson ma'aikata na safe da yamma. Waɗannan biyun kuɗinsu ba ya motsi da ranar saye: ko yau ka saya don tafiyar wata mai zuwa, ko ka saya minti goma kafin tashi, kuɗin ɗaya ne. Na ukun, Advance, shi ne wanda ake rububi a kansa, shi ne kuma mai hawa. Tikiti ne na zuwa kaɗai, an ɗaure shi da jirgi guda, rana guda, ƙarfe kaza. In ka hau wani jirgin da shi, tamkar ba ka da tikiti ne.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce yaushe ake buɗe sayar da shi. Amsar da aka saba bayarwa ita ce mako goma sha biyu kafin ranar tafiya, kuma wannan adadi yana da tushe. Kamfanonin da ke ɗaukar fasinja ba su ne ke da layin dogo ba. Layin, da gadoji, da sigina, duk suna hannun hukumar Network Rail, kuma ita ce ke tabbatar da cewa jirgi kaza zai wuce wuri kaza ƙarfe kaza. An ɗora mata alhakin ta kammala jadawalin kowace rana mako goma sha biyu kafin ranar ta zo. Tun da tikitin Advance alkawari ne a kan jirgi takamaimai, kamfani ba ya iya sayar da shi sai ya tabbata jirgin zai tashi a lokacin da aka rubuta. Saboda haka ranar buɗe tikiti tana bin ranar tabbatar da jadawali.

Sai dai a aikace wannan wa'adi yakan zame. A 2018 Network Rail ta kasa cika shi har ta koma tabbatar da jadawali mako shida kacal kafin tafiya, kuma tun daga nan ba abin mamaki ba ne mutum ya ga an buɗe wata rana saura mako takwas ko ƙasa da haka. Wasu kamfanonin kuma, a ranakun aiki da suka san ba za a taɓa layi ba, sukan buɗe tun kafin mako goma sha biyun. Inda jinkiri ya fi yawa shi ne Asabar da Lahadi, da hutun Kirsimeti da na Ista, domin a lokacin ake rufe sassan layi a yi gyara. Haka nan ana sauya babban jadawalin ƙasar sau biyu a shekara, a watan Mayu da watan Disamba, kuma ranakun da suka biyo bayan sauyin sukan makara wajen buɗewa. Wato ranakun da jama'a suka fi bukatar tafiya su ne ake yawan jinkirta tikitinsu, wanda abu ne mai ɓata rai ga mai son tsara lamarinsa da wuri.

A nan ne tarko na farko yake, kuma masu himma yake kamawa. Mutum ya zauna saura wata huɗu, ya duba kuɗin tafiya, sai ya ga farashi mai tayar da hankali. Sai ya ce a ransa, in tun yanzu haka yake, ina ga an matso? Ya yi maza ya biya. Alhali abin da ya gani kuɗin Anytime ne ko Off-Peak, waɗanda ake iya nuna su tun kafin a saki na Advance. Ya saya da wuri, amma ya yi wurin da ya wuce ƙa'ida. Hanyar ganewa ba ta da wuya: a dubi sunan tikitin da ke gefen kuɗin. In duk jiragen ranar, na asuba da na tsakar rana da na dare, kuɗi ɗaya ko biyu suke nunawa, kuma babu kalmar Advance ko'ina, to ba a buɗe ba tukuna. Ranar da aka buɗe, za ka ga farashi ya warwatse, kowane jirgi da nasa. Yawancin kamfanonin suna wallafa ranar ƙarshe da suka buɗe zuwa yanzu, kuma suna da tsarin aiko da saƙo ga wanda ya yi rajistar ranar da yake jira.

To me ya sa kuɗin ke hawa? Mutane da yawa suna zaton akwai wani agogo da ke ƙara kuɗi kullum safiya. Tsarin ya fi kama da matakala. Kamfani yana raba kujerun kowane jirgi zuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da farashinsa da adadin kujerunsa. Bari mu ƙaddara misali, alƙaluman nawa ne don a fahimta. A ce jirgi yana da kujera 500. Kamfani ya ware 40 a kan fam 25, 60 a kan fam 35, 80 a kan fam 50, 100 a kan fam 70, sauran ya bar wa masu Off-Peak da Anytime. Duk wanda ya zo saye, na'ura tana ba shi mafi arhan rukunin da bai ƙare ba. Mutum na arba'in da ɗaya zai ga fam 35, ko da minti biyar ne tsakaninsa da wanda ya biya fam 25. In jirgin na tsakar ranar Talata ne a watan Fabrairu, kujeru arba'in ɗin nan suna iya kwana da kwanaki ba su ƙare ba, har mutum ya same su saura mako guda. In na yammacin Juma'a ne ana jibi Kirsimeti, suna iya ƙarewa a yinin da aka buɗe su, in ma an saka su tun farko, domin kamfani ba ya ware kujerun arha da yawa a jirgin da ya san zai cika da kansa.

Wannan ne ya sa nake ganin tambayar "kwana nawa kafin tafiya zan saya" ba ta cika ba sai an haɗa ta da "wane jirgi". Kwanaki suna da tasiri, amma ta hanyar mutanen da suka riga ka saye a cikinsu.

Akwai ƙarin hannu a cikin lamarin. Adadin kujerun kowane rukuni ba a sassaƙa shi a dutse ba. Kamfani yana da tarihin kowane jirgi: a irin wannan rana bara, saura kwana talatin, kujera nawa aka sayar, saura goma, nawa. Na'ura tana gwada cinikin bana da wannan tarihi. In ta ga ana saye fiye da yadda aka saba, wataƙila saboda wasan ƙwallo ko wani babban taro a garin, sai ta rufe rukunin arha tun bai ƙare ba. In ta ga ciniki ya ja baya, sai ta bar shi a buɗe, wani lokaci ma a sake buɗe wanda aka rufe. Shi ya sa jefi-jefi mutum kan ga kuɗi ya sauko. Yana faruwa, amma ba abin da za a jingina da shi ba ne.

Mai karatu da ya san kasuwa zai kawo ƙorafi mai ƙarfi a nan. Mai tumatir, in magariba ta kawo jiki, karya farashi yake yi, domin gobe kayan sun lalace. Kujerar jirgi ta fi tumatir saurin lalacewa: da zarar an rufe ƙofa, kujerar da babu kowa a kanta ta tafi a banza har abada. Me zai hana kamfani ya karyar da ita a awa ta ƙarshe? Dalili biyu ne. Na farko, masu saye da wuri da masu saye a makare ba mutane iri ɗaya ba ne. Mai shirin kai ziyara wata uku masu zuwa yana da zaɓi: in jirgi ya yi tsada ya hau bas, ko ya sauya rana, ko ya fasa. Wanda aka kira taro gobe da safe, ko aka yi masa rasuwa, ko kamfaninsa ne zai biya, ba shi da wannan sararin, zai biya abin da aka ce. Kamfani yana amfani da lokacin saye ne ya tantance waɗannan mutane biyu ba tare da ya tambayi kowa dalilin tafiyarsa ba. Na biyu, in fasinjoji suka gane cewa ana karya farashi a ƙarshe, kowa zai zauna jira, har da masu iya biyan cikakken kuɗi. Gara wa kamfani wasu kujeru su tafi fayau da ya koya wa jama'a jira.

Wannan lissafi daga harkar jiragen sama aka gado shi. A 1972 wani ma'aikacin kamfanin jiragen saman Birtaniya na BOAC, Ken Littlewood, ya tsara ƙa'idar da har yau ake koyarwa da sunansa. Ma'anarta a sauƙaƙe: ka ci gaba da sayar da kujera da arha muddin kuɗin da ke hannu ya fi abin da kake sa ran samu in ka ajiye ta. A ce arhan fam 25 ne, cikakken kuɗi fam 100. In yiwuwar mai cikakken kuɗi ya zo ya ɗauki wannan kujera ta kai rabi, to a lissafi darajarta fam 50 ce, kuskure ne a bayar da ita a 25. In yiwuwar ɗaya ce cikin goma, darajarta fam 10 ce, sai a karɓi 25 da godiya. Iyakar tana daidai ɗaya cikin huɗu. Yanzu ka lura da abin da ke faruwa yayin da jirgi ke cika: kujerun da suka rage suna raguwa, yiwuwar kowace ta samu mai cikakken kuɗi tana ƙaruwa, don haka ƙaramin farashin da kamfani zai yarda da shi yana hawa. Bayan Amurka ta sakar wa kamfanonin jiragen sama mara wajen tsayar da farashi a 1978, kamfanin American Airlines ya mayar da wannan tunani babban makami, har a 1985 ya fito da tikitoci masu arha ƙwarai amma masu sharaɗin saye da wuri, abin da ya taimaka wajen durƙusar da abokin hamayyarsa mai arha, People Express. Daga nan dabarar ta bazu zuwa otal-otal da jiragen ƙasa. Duk wanda ya taɓa neman tikitin jirgin sama zuwa Jidda a goman ƙarshe na Ramadan ya ɗanɗana ta.

A ganina tsarin yana da fuska biyu, kuma bai kamata a ɓoye ɗaya ba. Shi ne ya ba ɗalibi damar ratsa ƙasa da kuɗi kaɗan, ya kuma janye mutane daga jiragen cunkoso zuwa waɗanda da za su tafi rabi babu kowa. Amma nauyinsa yana sauka a kan wanda larura ta afka wa, kuma larura ba ta zaɓen mai hali.

Jirgin ƙasa yana da wani abu da jirgin sama ba shi da shi, wato rufi. Tun da kuɗin Off-Peak ba ya motsi, kuma a hanyoyi da yawa yana cikin farashin da gwamnati ke sa wa ido, tikitin Advance na jirgin da ba na cunkoso ba ba shi da dalilin wuce shi. Saboda haka kafin ka biya, ka nemi sanin kuɗin Off-Peak na hanyar. Shi ne mafi munin abin da zai same ka in ka jira har ranar tafiya. In Advance ya hau har tazarar da ke tsakaninsu ta zama 'yan fam kaɗan, ya daina zama riba, domin ka sayar da 'yancin hawa kowane jirgi a kan kuɗin shayi. Ga mai zuwa da dawowa abin ya fi fitowa fili, saboda a hanyoyi da dama Off-Peak Return, wanda ke ba ka wata guda ka dawo, yakan yi kusa da kuɗin Advance biyu da aka saya a makare. Sai dai wannan rufi ba ko'ina yake ba yanzu. Daga Fabrairun 2024 kamfanin LNER ya fara gwajin cire Off-Peak tsakanin Landan da Newcastle, Berwick da Edinburgh, ya maye gurbinsa da wani tikiti mai suna 70min Flex, wanda ke barin ka hau jirgin da ya tashi cikin minti saba'in kafin naka ko bayansa, shi ma kuma kuɗinsa hawa yake yi. A wannan hanya jinkiri ya fi haɗari.

Mu ɗauki lamarin iyali guda daga farko zuwa ƙarshe. Ɗaliba a Manchester za a yaye ta a tsakiyar Yuli. Mahaifinta da mahaifiyarta da ƙanenta za su sauka a filin jirgin Heathrow ranar Litinin da safe, su wuce Manchester, su koma Landan ranar Lahadi. Mako goma sha biyu baya daga tsakiyar Yuli ya kai mu ƙarshen Afrilu, don haka a nan za ta fara dubawa. Abu na farko da za ta tarar shi ne tikitin Litinin ya buɗe, na Lahadi bai buɗe ba, saboda ya fi nisa da kwana shida kuma ƙarshen mako ne. In ta nemi zuwa da dawowa a haɗe, na'ura za ta iya nuna mata kuɗi mai yawa saboda ɓangaren da ba a saki ba. Tun da Advance ɗai-ɗai ake sayar da shi, babu abin da ya hana ta raba: kowane ɓangare a lokacinsa.

Abu na biyu, adadin mutane. In ta nemi kujera uku alhali biyu suka rage a rukunin fam 25, na'ura takan ɗauki duka ukun daga rukunin da ke sama, ta nuna fam 35 kowanne, jimla 105. In ta gwada neman mutum ɗaya ta ga 25, ta gwada biyu ta ga 25, ta gwada uku ta ga 35, ta gane inda iyakar take. Sai ta sayi biyu a 50, ɗaya a 35, jimla 85. Illarsa ita ce kujerun ba lalle su zo a jere ba. Akwai kuma katin rangwame da ake kira Railcard, mai rage kashi ɗaya cikin uku, kuma yana aiki a kan Advance. Akwai na 'yan shekara 16 zuwa 25 da ɗalibai, akwai Two Together na mutum biyu masu tafiya tare, wanda ya dace da iyayen in kuɗin tafiyarsu ya kai ya biya kuɗin katin.

Abu na uku shi ne inda na fi son a tsaya, domin a nan arha ke juyewa ta zama tsada. Tikitin Litinin ɗin nan yana rataye ne da saukar jirgin sama, da layin jami'an shige da fice, da jiran kaya, da ratsa Landan daga Heathrow zuwa Euston. In jirgin ƙasa ne ya makarar da kai har ka rasa wanda za ka canja zuwa gare shi, ƙa'ida ta yarda ka hau na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. In an soke jirginka, za ka iya hawa wani ko a mayar maka da kuɗinka. Amma makarar jirgin sama ba ta cikin wannan kariya. Iyalin da suka iso Euston minti biyar bayan tashin jirginsu sun rasa tikiti uku, kuma za su sayi sababbi a farashin ranar. Ba a mayar da kuɗin Advance don mutum ya fasa ko ya makara. Ana iya sauya shi zuwa wani jirgi, amma sai kafin na farkon ya tashi, a biya kuɗin sauyi da ke kaiwa fam 10 a kowane tikiti, a kuma cika bambancin farashi, wanda a ranar tafiya shi ne babba.

Don haka ga ranar Litinin, zaɓinta biyu ne: ko ta sayi Advance na jirgin la'asar, ta bar tazarar awa biyar ko shida bayan lokacin saukar jirgin sama, iyayen su huta su ci abinci a tasha, ko ta biya Off-Peak su hau duk wanda suka tarar, muddin ba lokacin cunkoson yamma ba ne. Ga ranar Lahadi kuwa, babu abin da ya rataya a kan wani, lokacin tashi a hannunsu yake, kuma yammacin Lahadi yana cikin lokutan da jirage suka fi cika. Wannan shi ne tikitin da ya kamata ta saya a makon da aka buɗe shi, bayan ta duba tsawon tafiyar da aka rubuta. In ta ga awa biyu ta zama uku da rabi, ko an rubuta cewa akwai bas a tsakani, to gyaran layi ne ya faɗo a ranar, kuma zai fi musu sauƙi su koma ranar Asabar ko su bari sai Litinin da hantsi.